Doguwar jimla ko jerin kalmomi: da wane salo za ka umarci injin zana hoto?

A ce mutum biyu suna son hoto iri ɗaya, hoton teburin mai shayi da sassafe, wanda za a ɗora a bangon wani ɗan littafin labaran yara. Na farko ya zauna ya tsara bayani jimla bayan jimla, kamar yana ba makaho labarin abin da ke gabansa. Na biyu ya zubo kalmomi goma sha biyu ya raba su da waƙafi, kamar takardar cefane. Idan ka tambaye ni wanne ya yi daidai, sai na fara tambayarka injin AI mai zana hoto daga rubutu da kowannensu ya buɗe, domin umarnin da ke fitar da hoto tsaf a FLUX.1 yana iya zubar da rabin ma'anarsa a Stable Diffusion 1.5, haka kuma jerin kalmomin da masu Stable Diffusion suka ƙware a kai yakan bar FLUX.1 yana cike gibi da abin da ya ga dama.

Dalilin yana cikin ginin injinan. Ɓangaren da ke zana hoton ba ya ganin haruffan da ka rubuta ko kaɗan. Akwai wani ɓangare a gabansa da ke karɓar rubutun ya juya shi zuwa lambobi, sai mai zanen ya bi lambobin. Ni tafinta nake kiransa, don aikinsa ke nan. Duk abin da tafinta bai fahimta ba, ko ya ji rabi ya bar rabi, mai zane ba zai taɓa saninsa ba. Tafintoci biyu ne suka mamaye wannan fage daga 2022 zuwa 2024 a injinan da kowa ke iya saukewa, kuma halinsu ya sha bamban.

Na farko shi ne CLIP, wanda kamfanin OpenAI ya fitar a farkon shekarar 2021. An horar da shi da hotuna miliyan 400, kowanne haɗe da ɗan rubutun da aka same shi da shi a intanet, aikinsa kuma shi ne ya gane wane rubutu ne ya dace da wane hoto. Irin wannan horo yana sa mutum ya iya sunayen abubuwa sosai amma ya yi sakaci da nahawu. In dai ka ga kalmar kare da kalmar kujera a rubutu, ka kuma ga kare da kujera a hoto, ka ci jarrabawa, ba sai ka damu da ko karen yana kan kujerar ne ko yana ƙarƙashinta ba. CLIP ne tafintan Stable Diffusion 1.5 na watan Oktoban 2022. SDXL da ya biyo baya a Yulin 2023 tafinta biyu gare shi, amma dukansu 'yan gida ɗaya ne da CLIP, shi ya sa ya fi wansa jin magana ba tare da ya rabu da halin gidan ba. Ƙari a kan haka, shi kansa mai zanen an koya masa aiki da hotunan tarin LAION, inda yawancin rubutun da ke ƙarƙashin hoto gajere ne, sunan kaya a shagon intanet, ko taken hoto, ko tarkacen kalmomi. Abin da yaro ya tashi yana ji a gida shi yake ganewa.

Na biyu shi ne T5, na kamfanin Google, wanda tun asali rubutu zalla aka koya masa, shafuka bayan shafuka na Turanci. Ya san wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa, ya san inda sifa ta rataya, ya san cewa "nasa" na jimla ta uku yana komawa ga mutumin jimla ta biyu. Babbansa, T5-XXL, yana cikin masu karanta umarni a Stable Diffusion 3 da kuma FLUX.1, wanda kamfanin Black Forest Labs ya fitar a Agustan 2024. A lokaci guda kuma masu gina injinan suka sauya irin rubutun da suke haɗa hotunan horo da shi. DALL-E 3 na 2023 ya yi suna a kan wannan: maimakon a dogara da gajeren rubutun intanet, sai aka samar wa hotunan dogon bayani mai faɗin abin da ke gaba da abin da ke baya da abin da kowa ke yi. Injin da ya taso da irin wannan bayani, jimla yake jira.

Hoton mai shayi a salo biyu

Ga abin da muke so. Saurayi mai shayi yana tsaye a hagu, sanye da shuɗin kaftani da jar hula, yana juya shayi daga kofi zuwa kofi yadda suke yi don ya huce. A dama wani dattijo yana zaune a benci cikin farar riga da farin rawani, riƙe da burodi. A saman tebur akwai allo da aka rubuta SHAYI. Titi babu kowa, ga hazon hunturu.

Mai jerin kalmomi zai rubuta wani abu kamar haka:

```
west african tea seller, blue kaftan, red cap, pouring tea, old man, white robe, white turban, wooden bench, bread loaves, roadside stall, morning haze, 35mm photo
```

Mai jimla kuma zai rubuta:

```
A roadside tea stall in northern Nigeria at dawn. On the left, a young man in a blue kaftan and a red cap stands pouring tea from one cup into another. On the right, an old man in a white robe and a white turban sits on a wooden bench, holding a loaf of bread. A hand-painted sign above the table reads "SHAYI". The road behind them is empty. Dusty haze, soft light, 35mm photograph.
```

Mu fara ba Stable Diffusion 1.5 jerin kalmomin. Kayan za su fito, wannan kam babu shakka: shuɗi, ja, fari, benci, burodi, hazo. Matsalar ita ce rabon kayan. Jerin bai faɗi wa ke da hula ba, bai faɗi wa ke zaune ba, bai ma faɗi ƙarara cewa mutum biyu ne ba. Abin da aka fi gani shi ne a haɗe mutanen su zama ɗaya, dattijo mai shuɗiyar riga yana zuba shayi, ko kuma jan hular ya malala ya rina rawanin, ko bencin ya koma shuɗi. Masu wannan harka suna ce wa abin zubar launi, kuma da ka gan shi sau ɗaya za ka riƙa gane shi: launin da ka ba abu ɗaya ya bayyana a jikin maƙwabcinsa. Wannan alama ce ta tafintan da ya ji "ja" ya ji "hula" ya ji "rawani", bai riƙe wanne ke manne da wanne ba.

To me zai hana a ba shi jimlar, tunda ita ta fayyace komai? Abu biyu. Na ɗaya, ko ya karanta "a hagu" da "a dama" ba ya riƙe su da ƙarfi, don haka fayyacewar ba ta sayo maka abin da kake zato. Na biyu kuwa ya fi muni, kuma shi ne mutane da yawa ba su sani ba. CLIP ba ya karɓar abin da ya wuce tokin 77 a zama ɗaya. Tokin gutsuren rubutu ne, wani lokaci kalma ɗaya cif, wani lokaci rabin kalma, kuma waƙafi da aya kowanne tokin ne mai zaman kansa. Biyu daga cikin 77 ɗin alamomin buɗewa da rufewa ne, saura 75 naka. Jerin kalmominmu na sama bai wuce tokin 40 da 'yan kai ba, ya shige da sarari. Jimlar kuwa kalmominta kaɗai sun kai 75, in ka haɗa da alamomin rubutu ta doshi 90. Ma'ana, a manhajar da ke yanke abin da ya yi saura, wutsiyar umarnin ce za ta faɗi, kuma a wutsiyar muka ajiye hazo da haske da cewa hoton kyamara muke so. Sai ka ga hoto ya fito da wani salo dabam kana mamaki, alhali injin bai taɓa jin wannan ɓangaren ba.

Manhajoji irin su AUTOMATIC1111 sun yi wa wannan dabara. Akwai ɗan ma'auni a kusurwar akwatin rubutu da ke nuna adadin tokin da ka ci cikin 75, kuma idan ka zarce sai ya koma cikin 150. Abin da ke faruwa a ɓoye shi ne an yanka rubutun gida biyu, an ba tafinta kowane gida shi kaɗai, sannan aka jera sakamakon. Babu abin da ya faɗi, amma gida na biyu bai san abin da aka ce a gida na farko ba. Idan yankan ya raba dattijo da rawaninsa, rawanin ya zama maraya, kowa na iya ɗauka.

Yanzu mu juya. FLUX.1 nau'in dev yana karɓar har tokin 512 ta hannun T5, nau'in schnell mai sauri kuma 256, saboda haka jimlarmu ko kusa da bango ba ta je ba. A nan kowace ƙaramar kalmar da mai jerin kalmomi yake ganin ɓata wuri ce tana aiki. `in` ita ce ta sa kaftanin a jikin saurayin. `from one cup into another` ita ce ta sa shayin ya taso daga wani wuri ya nufi wani. `holding` ta ɗora burodin a hannun dattijo maimakon kan tebur. Kalmar da ke tsakanin alamomin zance kuma galibi takan fito a allon da haruffanta daidai, musamman gajeriya irin SHAYI, abin da tsohon Stable Diffusion ba ya iyawa sai dai ya yi wasu zane-zane masu kama da haruffa. Ban ce kowane gwaji zai fito daidai ba. Hannun da ke juya shayi har yanzu wuri ne mai wahala, kuma wani lokaci kofi na biyu yakan ɓace. Amma rabon kaya tsakanin mutum biyu, wanda shi ne ciwon kan salon jeri, a nan yawanci ba ya tasowa.

Idan ka ba FLUX.1 jerin kalmomin fa? Ba zai ƙi ba, kuma hoton zai yi kyau, wannan ne ma ke yaudarar mutane. Sai dai duk abin da ba ka faɗa ba shi zai yanke maka. Yana iya zaunar da mai shayin ya tsayar da dattijon, yana iya ba dattijon butar. Ka biya kuɗin tafinta mai jin nahawu sannan ka yi masa maganar kurame. Haka lamarin ya kasance da masu injin zana hoto na Midjourney lokacin da suka fitar da V6 a Disambar 2023, inda su da kansu suka gaya wa masu amfani da shi cewa salon umarni ya canza, su daina cusa kalmomin ado irin `4k` da `8k` da `photorealistic`, su faɗi abin da suke so a fili.

Abin da jerin kalmomi ya fi jimla

Kada wannan ya sa a ɗauka cewa salon jeri tsohon yayi ne kawai. Yana da wani abu da nake ganin masu yabon jimla suna rainawa, wato linzami.

A jeri kowace kalma kamar maɓalli ce. Kana iya cire `morning haze` ka bar komai yadda yake, ka ga abin da ita kaɗai take yi. Kana iya matsar da kalma gaba, domin a injinan CLIP abin da ya zo da wuri yakan fi tasiri. Kana kuma iya ƙara wa kalma nauyi da lamba. Idan hular ta ƙi fitowa ja, a AUTOMATIC1111 ko ComfyUI sai ka rubuta:

```
(red cap:1.3)
```

Wannan ya ce a ba jar hular muhimmanci fiye da sauran. Tsakanin 1.1 da 1.4 ake yawan wasa. Idan ka haura 1.5 hoton yakan fara ƙonewa, launuka su yi kauri, ja ya mamaye ko'ina, wato ka magance ciwo ɗaya ka tsokano zubar launin da kake gudu. Akwai kuma kalmar `BREAK` a AUTOMATIC1111, da manyan haruffa, wadda ke tilasta a rufe gida ɗaya na tokin a buɗe sabo. Da ita kana iya ware mutanenmu biyu:

```
young tea seller, blue kaftan, red cap, pouring tea
BREAK
old man, white robe, white turban, sitting on bench
```

Wannan yana rage zubar launi domin tafinta bai karanta "ja" da "rawani" a numfashi ɗaya ba. Ragewa na ce, domin mai zanen har yanzu yana kallon gidajen biyu a lokaci guda, kuma babu abin da ya gaya masa wa ke hagu. Wanda ke son a raba su tsaf sai ya koma ga kayan aikin da ke kasa hoton yanki-yanki a ba kowane yanki umarninsa, ko ya zana hoton ya dawo ya shafe kan dattijon ya sa a sake zana wurin kaɗai. Aiki ne, amma aikin da kake ganin kowane mataki nasa.

Sai babban makamin wannan salo, akwatin `Negative prompt`. A nan kake jera abin da ba ka so: `cars, blurry, watermark, extra fingers`. Injin yana lissafa hoton sau biyu a kowane mataki, ɗaya da umarninka ɗaya da abin da ka hana, sannan ya karkata daga na biyun zuwa na farkon, gwargwadon lambar `CFG` da ka sa, wadda a Stable Diffusion 1.5 aka saba bari wajen 7. FLUX.1 dev da schnell yadda aka sake su ba sa bin wannan hanya ta lissafi biyu, don haka a tsarinsu na yau da kullum akwatin hanawa ba ya aiki. Nauyin lamba ma tasirinsa a can ba abin dogaro ba ne kamar a injinan CLIP. Idan hula ta ƙi ja a FLUX.1, maganinta ƙarin magana ne: ka ba hular jimlarta, ka ce ja ce mai haske, ka faɗi yadda ta zauna a kansa.

A nan ne wani kuskure yake kama mutane a ɓangarorin biyu. Kana son titi babu mota, sai ka rubuta `no cars` a cikin babban umarni. A injin CLIP kusan ka kira mota ne da bakinka, domin kalmar motar ya ji, "babu" ɗin ta wuce shi. Abin mamaki, injinan jimla ma ba su tsira daga wannan ba, kuma dalilin mai sauƙi ne: bayanin da ake rubuta wa hoto yana faɗin abin da ke cikinsa ne, da wuya a sami wanda ya zauna yana lissafa abin da babu. Shi ya sa a jimlarmu na rubuta cewa titin fayau yake, ban ambaci mota ba sam. A salon jeri ka kai motar akwatin hanawa, a Midjourney ka yi amfani da `--no cars`, a salon jimla kuma ka nemi yadda za ka faɗi rashin abu ta hanyar faɗin abin da ke wurin.

Akwai wani reshe na masu jeri da ya kamata a ware shi, domin a wurinsu jerin ba zaɓi ba ne. Injinan zanen katun irin na Japan, da yawansu an horar da su da hotunan shafin Danbooru, inda kowane hoto ke ɗauke da tambarin kalmomi ƙayyadaddu irin `1boy` da `solo` da `looking at viewer`. Waɗannan ba Turancin yau da kullum ba ne, ƙamus ne na musamman, kuma sai ka rubuta su yadda suke. Pony Diffusion V6 XL ma ya ƙara nasa, inda ake buɗe umarni da `score_9, score_8_up, score_7_up` da sauransu don a nemi hoto mai inganci. Ka kai wannan jerin FLUX.1 ba shi da wata ma'ana, ka cire shi a Pony hoton ya lalace. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kwafo umarnin wani ba tare da sanin injinsa ba kamar karɓar maganin maƙwabci ne don kun yi tari iri ɗaya.

Yadda za ka gane wanda ke gabanka

Sau da yawa mutum yana amfani da wata manhajar waya ko wani shafi da bai faɗi injin da ke ƙarƙashinsa ba. Gwaji ɗaya ya isa. Ka rubuta wannan:

```
a red cup on top of a blue box, a green ball to the left of the box
```

Ka fitar da hoto huɗu. Sannan ka musanya launukan kofi da akwati ka sake fitar da huɗu, in da hali da lambobin `seed`, wato lambar da injin ke fara kowane hoto da ita, iri ɗaya da na farko, don kada sa'a ta shiga lissafin. Idan launuka sun bi musanyar, ƙwallon kuma ya tsaya a hagu a yawancin hotunan, injin yana jin nahawu, ka yi masa jimla. Idan launukan suna yawo, kofi ya zama shuɗi a nan akwati ya zama kore a can, to mai jeri ne, ka taƙaita, ka sa abu mafi muhimmanci a gaba. Hoto ɗaya ba hujja ba ne, ko injin da ba ya jin komai yakan dace sau ɗaya.

Akwai alamu kuma tun kafin gwaji. Ma'aunin da ke ƙirga cikin 75 da akwatin hanawa mai aiki suna nuna gidan CLIP. Idan injin saukewa ka yi daga Civitai ko Hugging Face, ka buɗe hotunan misali da mai injin ya ɗora ka karanta umarnin da ke ƙarƙashinsu, domin da harshen da ya horar da shi yake rubuta su. Sai dai a yi hattara da manhajojin da ke sake rubuta umarninka a ɓoye kafin su miƙa wa mai zane, kamar yadda aka riƙa yi da DALL-E 3. A irin waɗannan ko kalma uku ka rubuta za a faɗaɗa ta zuwa sakin layi, hoton ya fito cike da abubuwan da ba ka nema ba. Maganin shi ne ka cike gibin da kanka, ka faɗi bango da haske da tufafi, don kada a cike maka.

Batun nauyi, da batun kalmominmu

Zaɓin ba na salo kaɗai ba ne, akwai aljihu a ciki. Fayil ɗin Stable Diffusion 1.5 da aka rage wajen gigabait 2 ne, kuma yana tashi a kwamfutar da katin hotonta ke da gigabait 4. FLUX.1 kuwa cikakkensa ya haura gigabait 20, tafintansa T5-XXL shi kaɗai ya kusa 10, ko da yake akwai nau'o'in da aka matse. Ga mai sayen data da kuɗinsa yana kuma lissafin awannin wuta, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Idan hotunanka na abu ɗaya ne, fuskar mutum ɗaya, takalmi, kwalbar turare, zanen atamfa, ban ga dalilin ɗaukar wannan kaya ba. Jeri mai tsabta a SDXL ko ma 1.5 zai yi maka, ga linzami a hannunka. Amma da zarar hoton ya zama labari, wani yana miƙa wa wani abu, wannan na gaba wancan na baya, ko akwai rubutu a allo, ni jimla zan zaɓa ko da zan yi aikin ta intanet ne a injin wani. Lokacin da za ka ɓata kana raba jar hula da farin rawani a injin jeri ya fi kuɗin.

Wani zai ce me ya sa duk misalan da Turanci. Domin CLIP da T5 ɗin da ke cikin waɗannan injina da Turanci aka raine su. Idan ka rubuta "babbar riga", tafinta zai farfasa kalmomin zuwa gutsattsarin da ba su da wata ma'ana a wurinsa, ka ci tokin da yawa ba ka sayi komai ba. Kuma a nan salon biyu suka sake rabuwa ta hanyar da ta shafe mu kai tsaye. Mai jeri ya dogara ne da sunan abu, sunan kuma sai wanda ya yawaita a rubutun intanet. Saboda haka dole ya ari sunan da aka fi sani, ya rubuta `agbada` ko `boubou` don ya sami wani abu mai kama da babbar riga, ya rubuta `henna` don lalle. Abin da zai fito yakan karkata zuwa inda sunan ya fi yawa: rigar ta zo da hular Yarbawa, lallen ya zo da zanen Indiya. Kalmar `turban` ɗin da muka sa wa dattijonmu ma tana da wannan haɗari, domin rawanin da injin ya fi gani ba irin naɗin Kano ko Katsina ba ne.

Mai jimla yana da mafita da mai jeri ba shi da ita, wato ya bar sunan ya siffanta abin. Maimakon ya ce hula kawai, sai ya ce hula ce mai zagaye, marar baki, mai tsayi kaɗan, shafaffiya a sama, wadda aka yi wa ɗinkin zare mai ƙananan zane ko'ina a jikinta. Rawanin kuma ya ce farin yadi ne da aka naɗe kai da shi aka zagayo da shi ƙarƙashin haɓa. Ga yadda jimlar dattijon za ta koma:

```
He wears a very wide, flowing white gown with dense embroidery on the chest, and a white cloth wound around his head and passed under his chin.
```

Wannan jimla ɗaya ta ci kusan tokin 30. A injin CLIP ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na wurinka a kan tufafin mutum ɗaya, kuma ba lallai ya haɗa siffofin su zama riga ɗaya ba. A FLUX.1 kuwa ko kashi ɗaya cikin goma na 512 ba ta kai ba, kana da sararin yi wa hular saurayin da tukunyar shayin da gwangwanayen madara irin wannan hidima. Wanda ya nace sai ya yi aiki da injin jeri kuma yana son kayanmu su fito daidai, hanyarsa ita ce ya tara hotunan babbar riga ko hula na gaske ya horar da ƙaramin ƙari da ake kira LoRA, ya ba shi kalmar kira guda ɗaya da zai riƙa sakawa a jerin.

Allon ma yana da nasa sharaɗi. SHAYI ta yi sauƙi domin haruffanta biyar duk suna cikin baƙaƙen Turanci. Da a ce ƘOSAI ko ƊANWAKE muke so a rubuta, ƙugiyar harafin farko takan ɓace ko ta rikiɗe ta zama wani abu, ko a injin da ya iya rubutu, domin bai saba ganin waɗannan haruffa a hotuna ba. A irin wannan hali ka ce a zana allon fari fat babu komai a kansa, in hoton ya fito sai ka buɗe shi a manhajar gyaran hoto ka rubuta kalmar da hannunka.